Babi na 6: Yadda ake gyara hirar da aka ɗauka a waya ta zama rubutu, ba tare da an ƙwace wa mai magana bakinsa ba

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. A babin da ya wuce kowa ya ɗauko hira da wani dattijo a wayarsa, ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji, kuma na ga ƙoƙarinku wallahi, don na san hirar minti 10 sai ta cinye wa mutum awa guda ko fiye yana tsayarwa yana mayarwa baya, ga hayaniyar Agege, ga janareton maƙwabta. To wannan da kuka rubuta shi ne ɗanyen rubutu. Kar wanda ya yaga shi, kar wanda ya yi gyara a kansa. A samo sabuwar takarda, ɗanyen yana hannun hagu, sabuwar tana hannun dama, wayar tana tsakiya da caji a cikinta.

Darasi na 1: Ga abin da za mu yi aiki a kai

Wannan wani tsohon mai sayar da goro ne a nan Agege, mutumin wajen Zamfara, za mu kira shi Baba kawai. Ga yadda maganar ta fito daga bakinsa, ba aya ba waƙafi:

eh to ni ni dai nit taho Ikko am shekarad da anka canza kuɗɗi ka gane ga Gusau munka shiga jirgi ka gane mu ukku ni da ƙanena da da a'a mu huɗu ne da yara biyu yan garinmu guda ya rasu Allah shi jiƙan shi to munka sabka Agege ban san kowa ba wallahi ban san kowa ba sai maigidana shi ka saida goro kai yaro kawo ruwa mana to shi yar riƙe ni ka gane huhu guda ban iya ɗaukatai

Ku karanta shi da ƙarfi sau biyu. Kar ku ji kunya in kun yi tuntuɓe, ni ma sai na yi, don baki ba ya magana yadda hannu ke rubutu, mutum yana fara zance ya fasa ya dawo ya gyara kansa, kuma kunne yana yafe duk wannan amma ido ba ya yafewa.

Darasi na 2: Cirewa aka ce, ba canzawa ba

Nan ne wajen da kowa ke faɗuwa, saboda haka za mu daɗe a nan. Abu uku kawai aka yarda ka yi wa maganar Baba: ka cire abin da ba ya ɗauke da komai, ka sa aya da waƙafi, ka raba sakin layi. Ba a yarda ka ɗauke kalmarsa ka sa taka ba. Ku maimaita tare da ni: ina cirewa, ba na canzawa.

Mu fara da cirewar. Ɗauki fensir ka zagaye "eh" da "am", waɗannan numfashi ne kawai lokacin da yake neman abin faɗa. Zagaye "ni ni", bar guda ɗaya. Zagaye "da da". Sai "kai yaro kawo ruwa mana", wannan ba da kai yake ba, da jikansa yake, ya fita. Sai wajen da ya ce mu ukku sannan ya ce a'a mu huɗu ne, shi da kansa ya gyara, to ka ɗauki gyaran ka bar kuskuren, don in ka bar duka biyun mai karatu zai zaci Baba ya rikice alhali bai rikice ba.

"Ka gane" fa? Ya faɗe ta sau uku a ɗan wannan guntun. In ka bar duka rubutun zai gundura, in ka share duka kuma duk wanda ya san Baba zai ce wannan ba shi ba ne, don ita ce sandarsa da yake dogarawa. Bar guda ɗaya a inda ta fi zama daram.

Yanzu ga tarkon. "Ban san kowa ba wallahi ban san kowa ba." Rabin ajin nan da na ba su irin wannan sai suka share na biyun wai maimaici ne. A'a. Kunna wayar ka saurara, za ka ji ya ja muryar a karo na biyu, yana nuna maka yadda baƙunta ta yi masa zafi ne. "Ni ni" harshe ne ya sarƙe, wannan kuwa da gangan ya yi. Ta yaya za ka bambance? Takarda ba za ta gaya maka ba, kunne ne zai gaya maka. Koma ka saurara.

Haka ƙananan kalmomin nan, dai, fa, kam, ai, ma, kuwa. Kar ku ga ƙanana ne ku share su kamar tsakuwa a shinkafa. "Ni na zo" daban, "ni dai na zo" daban, na biyun yana cewa ban san na wasu ba, nawa nake faɗa. Ka cire dai ɗin, ka canza masa magana ke nan ko da ba ka ƙara komai ba.

Sai babbar matsalar, wadda na gaji da jan layi a kanta. Baba ya ce "nit taho", sai ɗalibi ya rubuta "na zo". Ya ce "munka sabka", sai a rubuta "muka sauka". Ya ce "anka", "kuɗɗi", "ɗaukatai", duk sai a mayar da su Kananci wai ana gyara masa Hausa. Waye ya ce maka Hausarsa ta lalace? Haka ake magana a Sakkwato da Zamfara tun kafin a haifi kakanka, kuma ita ce shaidar inda ya fito. Wani ma har Ikko ya goge ya sa Legas. Ikko ya ce, Ikko za ka rubuta. In kana tsoron mai karatu ba zai gane ba, kai ka yi bayani a naka layin a sama ko a ƙasa, amma ba a cikin bakin Baba ba. Ina cirewa, ba na canzawa. Haka in wanda ka yi hira da shi haifaffen Idi-Araba ne yana jefa oga da danfo a zancensa, bar masa kayansa, kar ka mayar da danfo motar haya.

Ga yadda ya kamata ya fito:

"To ni dai nit taho Ikko shekarad da anka canza kuɗɗi. Ga Gusau munka shiga jirgi, mu huɗu ne, ni da ƙanena da yara biyu 'yan garinmu. Guda ya rasu, Allah shi jiƙan shi. To munka sabka Agege ban san kowa ba, wallahi ban san kowa ba, sai maigidana, shi ka saida goro. To shi yar riƙe ni, ka gane. Huhu guda ban iya ɗaukatai."

Yanzu gwaji, kuma kowa sai ya yi shi. Ɗora yatsa a kan kalma ta farko a sabuwar takarda, ka nemo ta a ɗanyen rubutun. Ka same ta? Wuce ta biyu. Haka har ƙarshe. Duk kalmar da ke hannun dama amma babu ita a hannun hagu, to taka ce ba ta Baba ba, goge ta. Na san da gajiya, amma sannu a hankali ido zai saba, waɗanda suka fi ku jin tsoron biro sun iya.

Ku lura kuma addu'ar da ya yi wa mamacin tana nan. Wata ɗaliba ta taɓa cire irinta wai ba ta cikin labarin. Haba Hajiya, dattijo ya ambaci mamaci ya yi masa addu'a ke ki share, in 'ya'yan mamacin suka karanta fa?

Darasi na 3: Kar ka cike masa gurbi da hasashenka

Baba ya ce shekarar da aka canza kuɗi. Wani mai wayo a cikinku zai yi maza ya rubuta 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. To amma ai a 1984 ma an canza launin takardun naira lokacin mulkin soja na Buhari, kuma mutane da yawa ita ma canjin kuɗi suke ce mata. Tsakaninsu shekara 11, ka ga in ka zaɓa masa ba daidai ba ka ɓata lissafin rayuwarsa gaba ɗaya. Abin yi shi ne ka koma ka gaishe shi ka ce Baba, da kuka zo fam ake kashewa ko naira? In ya ba ka amsa, ka rubuta shekarar a naka bayanin, maganarsa kuma ka bar ta yadda ya faɗa.

Haka in ƙarar mota ta danne wata kalma. Saurara sau uku, ba wani ya saurara, in ta ƙi sai ka sa ɗigo uku ka rubuta lokacin a gefen takarda, misali minti 4 da sakan 20, don ka tambaye shi. Kar ka ƙirƙira. Na faɗa a darasi na 2, na sake faɗa, kuma na san duk da haka ranar Asabar sai na kama mutum biyu ko uku sun yi, dan Allah ku ba ni kunya.

Darasi na 4: Aya da sakin layi

Inda Baba ya sauke murya ya huta, sa aya. Inda ya ɗan tsaya amma zancen bai ƙare ba, waƙafi. In ya bar labarin jirgi ya shiga na goro, sabon sakin layi. Maganarsa a cikin alamar zance, taka a waje. A kula da ƙugiya, kafa daban ƙafa daban.

Darasi na 5: Kai masa

In ka gama, je ka karanta masa da bakinka. In ya ce ban ce haka ba, ko ya ce a cire wani abu, a cire.

Aikin gida: minti 3 na farko na hirarka. A zo da takardu biyun, ɗanyen da gyararren, da wayar. Wanda ya zo da gyararren kaɗai ba zan duba ba.