Idan mako guda ya kuɓuce maka a makaranta a Ingila

Ina masussuka a bayan garinmu, can wajen Ringim, ana bugun dawa, wayar ɗan yayata ta shigo. Wata biyu ke nan da tafiyarsa Ingila karatun digiri na biyu. Muryarsa kaɗai na ji na san ba lafiya ba. Bayan gaisuwa ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, mako guda cur ban shiga aji ba, kuma ban buɗe littafi ba." Mura ce ta kwantar da shi kwana uku. Sauran kwana huɗun kunya ce da fargaba: ya ga abin ya taru, ya rasa ta inda zai kama, sai ya ja bargo. Na taɓa zaman can, na san wannan bargon. Na rubuta wannan ne saboda yaranmu da ke shirin tafiya, don kusan kowa sai ya gamu da irin wannan makon, galibi a watan Nuwamba.

Akwai dalilin da ya sa Nuwamba. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogon Birtaniya baya da awa ɗaya, daga nan rana ta fara faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma. Mu da muka tashi Magariba tana tsakanin shida da bakwai duk shekara, jikinmu da salla yake auna yini. To ga shi an yi La'asar wajen ƙarfe biyu, Magariba huɗu da 'yan mintoci, Isha wajen shida. Yaro ya idar da Isha, jikinsa ya ce masa dare ya yi, ya kwanta. Sha ɗaya na dare ya farka garau, ya ɗauki waya, sai ukun dare. Ajin ƙarfe tara kuwa ya wuce shi yana barci. Ɗan yayata da na tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya, dariya ya yi, don babu amsa ɗaya.

Abin da ya shirya yi kafin ya kira ni shi ne abin da kowa ke fara shiryawa. Ya zana jadawali na awa sha huɗu a rana, zai fara daga laccar Litinin ɗin da ta wuce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba zai koma aji ba sai ya kamo. Na ce masa ya yaga takardar. Lissafin ba ya fita. A tsarinsu, darasi mai kiredit 15 ana ƙiyasta masa awa 150 na aiki, shi kuma darussa huɗu yake ɗauka, abin da in aka raba shi a makonnin zangon karatu ya kama kusan awa 40 a mako. Wanda ya ce zai biya awa 40 na baya a cikin makon da shi ma yake da nasa 40, ga aikin sito da yake yi na neman kuɗin haya, ya ɗaukar wa kansa abin da ba zai yiwu ba. Ranar Laraba zai faɗi, faɗuwa ta biyu kuma ta fi ta farko ciwo. Sannan duk ranar da ya zauna a ɗaki yana biyan tsohon bashi, sabo yana hawa.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, akwai damina da zazzaɓi ya hana shi noman fari kwana takwas. Da ya miƙe bai fara daga bakin gona kamar kullum ba. Ya zaga ta tukuna, hannu a baya, ya duba inda geron ke da sauran ƙarfi, nan ya sa fartanya. Wani gefe da harkiya ta riga ta shanye ya ce a bar shi, in an samu sarari a waiwaye shi. Muna yara muna ganin kamar asara ce. Wannan zagayen nake so ɗalibi ya fara yi.

Amma kafin zagayen ma, akwai saƙo. Mai bizar karatu ba kamar ɗalibin gida ba ne: jami'a tana lura da halartarsa, kuma doka ta ɗora mata ta sanar da hukumar shige da fice idan ɗalibi ya daina zuwa. Mako ɗaya ba ya kai mutum can, shiru mai tsawo ne ke kaiwa. Don haka a ranar nan na sa shi ya rubuta wa malamin da aka haɗa shi da shi mai kula da lamuransa, layi huɗu kacal: ban da lafiya daga ranar kaza zuwa kaza, na rasa azuzuwa kaza, ina dawowa Litinin, ina neman ganinka minti goma. Ba dogon ban haƙuri, ba labarin gida. Mu an rene mu da jin nauyin malami, muna ganin kai masa uzuri rashin kunya ne. Su a wurinsu wanda ya ɓace bai ce komai ba shi ne abin damuwa. Ya kuma shiga shafin jami'a ya nemi fom ɗin ƙarin lokaci. A mafi yawan wurare za ka gan shi da sunan `extension`, na matsala babba kuma `mitigating circumstances` ko `extenuating circumstances`. Kowace jami'a da ƙa'idarta, amma kusan duka sun fi son a nema kafin ranar miƙa aiki ta wuce. Bayan ta wuce, wasu suna zaftare maki kowace rana, wasu su tsayar da kai a makin tsira komai kyan aikinka.

Sai zagayen gona. Na ce ya ɗauko takarda ya rubuta duk abin da ya wuce shi, kowanne da sunansa, kada ya rubuta "karatun makon jiya" a dunƙule, don dunƙulallen abu shi ke tsorata mutum. Da ya karanto mini, muka kasa su uku. Kashi na farko, abin da ke da maki da ranar miƙawa: rubutu ɗaya ne mai kalma 2,000, saura kwana tara, kuma aikin da ya kamata a ce ya yi a kansa a makon da ya ɓata bai fi awa shida ba. Kashi na biyu, abin da karatun gaba ya hau kansa. Darasin ƙididdiga yana nan, domin wanda bai gane na makon jiya ba zai zauna a ajin Alhamis kamar an kai kurma wa'azi. Lacca da atisayenta awa biyar. Akwai wata lacca guda da ita ma take da alaƙa da ta gaba, awa uku. Kashi na uku, duk sauran: laccoci biyu masu zaman kansu, da tarin maƙalolin da aka ce a karanta. Waɗannan muka rubuta musu "hutun Disamba" muka rufe. Tattaunawar aji da aka yi babu shi kuwa ta tafi, sai dai ya roƙi wani ya ba shi abin da ya rubuta.

Awa 40 ta dawo 14. Na ji numfashinsa ya canza a waya.

Yadda za a biya sha huɗun shi ne kamar ramuwar azumi. Ba wanda ke barin azumin da ke gabansa don bai gama rama na baya ba, kuma ba dole a rama a jere ba. Ranar Litinin ya koma aji inda aji yake, ko da rabin abin da ake faɗa ne zai gane. Bashin kuma aka ba shi awa ɗaya da rabi kullum, Litinin zuwa Juma'a, mako biyu, ya zama awa 15. Muka ɗaura lokacin a jikin Asuba, wadda a Nuwamba can take kamawa wajen shida saura: ya yi salla, ya sha shayi, ya zauna daga shida da rabi zuwa takwas, waya tana cikin jaka. Ƙididdiga ta fara shiga saboda Alhamis, sannan rubutun, wanda aka ƙara masa mako ɗaya a kansa. Safiyar Asabar muka bar ta fayau, ba a rubuta mata komai ba.

Barcin kuwa ta wajen tashi muka kama shi. Ba a iya tilasta wa ido ya rufe ƙarfe goma, amma ana iya tilasta wa ƙafa ta sauka daga gado lokaci ɗaya kullum, ko da ukun dare aka kwanta. Kwana biyu na farko zai yi ta hamma. Sharaɗin shi ne kada ya koma ɗaki tsakanin Magariba da ƙarfe takwas. Ya zauna a laburare inda fitila ke haske, mutane na kai da kawo. Da rana kuma ya fita waje ko minti ashirin ne, ko da gari ya yi gajimare.

Ya ce, "Kawu, matsalar ita ce ba na jin son karatun kwata-kwata." Na ce ai ban tambaye shi ko yana so ba. Wa ya taɓa tashi da sha'awar noma ranar farko bayan jinya? Kunya ɗaya ake cewa za a yi, in an kai ƙarshenta jiki ya ɗumama, a juyo da ta biyu. Aikin safiyar farko na sa ya rubuta shi tun dare, ƙarami, mai baki: buɗe laccar ƙididdiga, kalli minti ashirin na farko, amsa tambaya ta ɗaya. Wanda ya zauna da safe yana tunanin me zai fara, shayinsa zai huce bai fara ba.

Akwai alamun da ke nuna shirin ya fara lalacewa. Idan ka sake zana jadawali sau uku a mako, zanen ya zama wurin ɓuya. Idan kana kallon laccar da aka naɗa da gudu ninki biyu, ba biro a hannunka, ka gama ba ka iya amsa tambaya ɗaya ba, lokaci kawai ka kashe. Laccar awa biyu takan ci uku in ana tsayawa ana rubutu, shi ya sa muka ƙiyasta mata haka. Idan kuma aka haura mako biyu ba ka jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, ba ka son ɗaukar wayar gida, wannan ya wuce maganar jadawali. Ka ga likitan da ka yi rajista da shi, ka je ofishin kula da walwalar ɗalibai, ka kuma gaya wa wani ɗan uwa a masallaci.

Ranar Laraba ya makara, bai tashi ba sai takwas da rabi, da ƙyar ya kamo aji. Ya turo mini saƙo wai komai ya rushe. Ina kan amalanke muna kai dawa gida na amsa masa: awa ɗaya da rabin nan ta Laraba ya ɗauke ta ya kai safiyar Asabar, don ita aka bar wurin, Alhamis kuma ta tafi yadda aka rubuta ta. Ajin ƙididdiga ya shige shi da atisaye biyu bai yi ba, ya tambayi malamar bayan an tashi, ta nuna masa cikin minti biyar. Rubutun ya miƙa saura kwana biyu wa'adi ya cika. Maƙalolin Disamba kuwa, da na tambaye shi bayan hutu, ya ce uku ya karanta cikin bakwai.