Ƙaiƙayin kai babu ƙurji babu komi: inda muke kuskure

Kai shina ta ƙaiƙayi, an buɗe gashi an duba babu ƙurji babu ja babu makero, amma susa ta hana mutum sakat har cikin sallah. Abu na farko da mafi yawanmu muke yi shi ne mu ƙara mai. A ce ai bushewa ce, a ɗebo basilin ko man shanu ko man kaɗe a cika tsagar kitso da shi. Wallahi wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma sau da dama man nan shi ke kawo ƙaiƙayin.

Fatar kai da kanta tana fidda nata maiƙo kullum. Sai mu zo mu ɗora mata basilin, ga jel na kwantar da gaban goshi, ga zufar Sakkwato a watan 3 zuwa na 5 lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu in lokacinta ne, duka su haɗu su daskare bisa fata ƙarƙashin ɗankwali da hijabi ko hula. Shi basilin ruwa baya wanke shi, in ba a sa shamfu da kyau ba yana nan, gobe a ƙara wani bisanshi. Kuma akwai wani ƙwayar naman gwari da ke zaune a kan kowa, abincinshi maiƙo ne, in ya samu da yawa sai ya yaɗu ya fara sa ƙaiƙayi tun kafin amosani ya fito fili. Yadda za ki gane: ki ɗan kankari fatar da farce a hankali, in kinka ga wani abu fari-fari ko toka-toka mai danƙo ya maƙale ƙarƙashin farcen, tarin mai da datti ne. In ko abin da ya zubo gari ne busasshe ƙanana, kuma fatar kina jin ta ɗaure bayan wanki, to bushewa ce ta gaske, ita ce ke son mai, shi ma kaɗan.

Sai wanki. Nan ma ana ɓarna ta fuska biyu. Wasu su bar kitso sati biyar sati shida ruwa bai taɓa fatar ba don kar kitson ya tashi, wasu kuma in ƙaiƙayi ya ishe su sai su ɗauko omo ko sabulun wanki da ruwan zafi su dirje kan da farce wai su kashe abin. Don Allah a bari. Sabulun wanki da omo suna kwashe maiƙon fata gaba ɗaya, ranar za a ji daɗi, bayan kwana biyu ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da. Ko sabulun salo da muke yabo, ga mai busasshiyar fata yana da ƙarfi, musamman cikin hunturu.

Bari in ɗauki misalin mace mai kitso ƙanana sati biyar, tana shafa mai a tsaga duk bayan kwana biyu, ƙaiƙayi ya fi tsanani da rana in ta yi zufa. Ta tsefe kitson. Ta jiƙa kan da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, ta raba gashin kashi huɗu, ta sa shamfu a fatar kai ba a jelar gashi ba, ta murza da tsokar yatsu kamar minti biyu, ta ɗauraye. Wankin farko ba zai yi kumfa sosai ba saboda mai, sai ta maimaita, na biyun ne ke wanke fata. Ɗauraya kuma ta fi wankin muhimmanci, ta yi ta zuba ruwa har sai santsi ya ƙare, musamman ƙeya da bayan kunne inda kumfa ke laɓewa, don shamfun da ya bushe a kai shi kanshi ƙaiƙayi ne. In ruwan rijiyarku ko bohol irin wanda sabulu baya kumfa da shi ne, ɗaurayar ƙarshe a samu ruwan leda biyu ko uku. Kandishina a gashi kawai. Sannan ta bari ya bushe sarai kafin ta ɗaura ɗankwali, kar a rufe jiƙaƙƙen kai. Daga nan sati biyu babu mai a fata, babu jel, babu turaren gashi, wanki sau ɗaya a sati, a wanke ɗankwalin kwana da rigar filo su ma. In ƙaiƙayi ya tafi to an gane mai laifi, sai a dawo da kayan shafa ɗaya bayan ɗaya, kowane a ba shi sati guda, wanda ya tada ƙaiƙayi a yar da shi. In bai tafi ba, sai a gwada shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, akwai shi a kemis, sau biyu a sati har sati huɗu, kuma a bar kumfar a kai minti 3 zuwa 5 kafin a wanke. Mutane da yawa suna sa shi su ɗauraye nan take sannan su ce baya aiki.

Maza ku ma kuna ciki, hular da anka shekara ba a wanke ba, da baƙin rini da ake shafa ma furfura. Rinin gashi da baƙin lalle galibi akwai sinadarin PPD a ciki, kuma ƙaiƙayinshi baya zuwa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa ba a zarginshi. In ka lura duk sanda kayi rini haka ke biyo baya ka daina, don kowane karo abin yana iya fin na baya muni har fuska ta kumbura. Rilaksa ma haka take ƙona fata ba tare da an ga ciwo ba.

Kafin a kashe kuɗi kuma a duba kwarkwata, ba yara kaɗai take kamawa ba kuma ba ƙazanta ke kawo ta ba. A fita cikin haske a duba ƙeya da bayan kunne, ƙwanta yana manne da silin gashi baya kakkaɓuwa kamar amosani.

Maganar cewa damuwa na kawo ƙaiƙayin kai kuma, gaskiya ce ba camfi ba. Akwai wanda kanshi tas yake amma yana jin ƙaiƙayi ko zafi-zafi ko kamar kiyashi na tafiya, ya fi zuwa da dare ko lokacin jarabawa ko in hankali ya tashi, wani ma har da ɗaurewar wuya. Wannan daga jijiya ne, shamfu ba zai taɓa shi ba, kuma susa tana ƙara hura shi. Tsumma mai sanyi a ɗora a wurin ya fi farce, a yanke farcen, a gyara barci. Amma kar a yi saurin cewa damuwa ce kawai tun ba a kawar da sauran ba, ana zaluntar mutane da wannan kalma.

Abin da ya fi tada min hankali shi ne shafa kirim ɗin nan mai haɗi uku da ake saidawa ko ina, irin wanda ake bilicin da shi. Akwai sitiroid a ciki, wani magani mai danne kumburi, zai kwantar da ƙaiƙayi kwana kaɗan, amma yana siranta fata kuma in makero ne ke ɓoye sai ya ƙara bazuwa. Kar a sa shi sai likita ya rubuta.

In an yi sati huɗu ana bin wanga tsari babu sauƙi, ko gashi ya fara zuba wuri-wuri, ko ƙaiƙayin ya bazu duk jiki, ko akwai rama, yawan fitsari da ƙishi, ido ya yi rawaya ko kasala, to a tafi asibiti a nemi likitan fata, nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Ciwon suga, ƙarancin jini, ciwon hanta da na ƙoda duk suna sa ƙaiƙayi babu ƙurji, kuma gwajin jini ne ke nuna su. A tafi da duk maganin da ake sha a nuna ma likita, don kulorokwin da taramol da kodin su ma suna sa susa.