Kafin ki zuba jarinki a sabon kaya, karɓi kafin alƙalami

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Bara na so fara sayar da garin kunun gyaɗa a ƙananan robobi a nan Gombe. Duk wadda na ba ta ɗanɗana sai ta ce wallahi ya yi, idan na fara za ta saya. Mutum talatin suka faɗa min haka, har na kusa kwashe kuɗin adashina in sayo buhun gyaɗa.

Yayata ce ta tare ni. Ta ce yabo kyauta ne, in nemi kuɗi in gani. Sai na auno kwano biyu kacal a kasuwar Tumfure, na haɗa, na ɗora hoto da farashi a waya, na ce mai so ta turo rabin kuɗin kafin Laraba, kaya ranar Asabar. Cikin talatin ɗin nan, shida suka turo.

To, shidan ma sai an tace. Biyu ƙannena ne, kunya ce ta sa su saya, ban ƙirga su ba. Kuma kada ki karya farashi a gwaji, domin wadda ta saya da araha ba ta gaya miki komai ba. Ki sa ainihin kuɗin, har da na roba da na ɗan acaɓa. Bashi kuwa, ko na kwana ɗaya, ba ciniki ba ne a wannan lissafi.

Abin da na fi jira shi ne dawowa. Bayan sati biyu mutum uku suka sake nema ba tare da na yi musu talla ba, ɗaya har da kawo maƙwabciyarta. Nan ne na ƙara zuwa kwano biyar, buhun kuma na bar shi tukuna.