Idan za ku rubuta takardar rage ma'aikata

'Yan uwa masu ma'aikata a ƙarƙashinsu, ku kula da layin farko. Rage ma'aikata ba korar laifi ba ce, don haka ku ce guraben aiki aka soke, ku faɗi dalilin kai tsaye: "An rufe sashen tattara kaya saboda ciniki ya ragu, kuma wannan bai shafi ƙwazonka ba." Na taɓa ganin wata da aka rubuta "bisa wasu dalilai" kawai, mai ita ya yi ta tunanin wani ne ya kai ƙararsa.

Wa'adi kuma kada ku tsaya a "wata ɗaya". Ku duba yarjejeniyar aikinsa da dokar ƙwadagon ƙasarku, ku rubuta ranar: sanarwa 1 ga Maris, ranar ƙarshe 31 ga Maris. In ba zai yi aikin kwanakin ba, ku ce za a biya shi kuɗinsu.

Haƙƙoƙinsa ku ware kowane da adadinsa da ranar biya: albashin ƙarshe, kuɗin sallama, hutun da bai ci ba. Dunƙule su ne ke jawo rigima.

Taimako kuwa, ku yi alƙawarin abin da za ku iya kaɗai, kamar takardar shaida da lokacin neman wani aikin. Kuma ku kira shi ku zauna kafin ku miƙa masa takardar hannu da hannu.