Yadda za a tuna wa wanda ake bi bashi kuɗin aiki ba tare da rigima ba

'Yan'uwa masu aikin kansu a Legas, kada ku fara saƙon neman haƙƙinku da "don Allah a taimaka", domin kuɗin aiki ba sadaka ba ne. Ni mai ɗinki ce a Agege, kuma na yi wa wata makaranta kayan ɗalibai na naira 180,000, aka biya rabi, sauran ya wuce wa'adi da mako biyu. Ga abin da na tura wa mai makarantar:

"Hajiya, barka da aiki. Ina tunatar da ke cewa ragowar naira 90,000 na takardar neman biyan kuɗi mai lamba 14, wadda wa'adinta ya cika ranar 5 ga wata, ba ta shigo ba tukuna. Na sake haɗo takardar da lambar asusuna. Ina sa ran biya kafin Juma'a, kuma sai kuɗin sun shigo zan taɓa kashi na biyu na ɗinkin. Idan an riga an tura, a turo mini shaida."

Jimlar ƙarshen nan tana ba mutum hanyar fita ba tare da jin kunya ba, domin wani lokaci matsalar banki ce. A rubuce nake turawa, kasancewar maganar waya ba ta barin shaida.