Lissafin n, wato lambar aminci, na sandar juyi da ma'aunin von Mises

Da farko zaɓi wuri a saman sandar, domin can lanƙwasa da murɗawa suka fi tsanani. Lissafa σ = 32M/πd³ da τ = 16T/πd³. A nan σ shi ne matsin lanƙwasa, τ matsin murɗawa, M ƙarfin da ke lanƙwasa sandar, T ƙarfin da ke murɗa ta, d kuma kaurinta. Misali d = 30 mm, M = 200 N·m, T = 300 N·m: σ ya fito 75.5 MPa, τ kuma 56.6 MPa.

Sai ka haɗa su da ma'aunin von Mises: σ′ = √(σ² + 3τ²) = 123.7 MPa. Kada ka manta da 3 ɗin nan. Idan ka sa 4, ka koma ma'aunin Tresca.

Daga nan n = Sy/σ′. Sy shi ne matsin da ƙarfen ke fara lanƙwashewa na dindindin. Idan Sy = 350 MPa, n ya zama 2.8. Da ya gaza 1, ƙarfen zai lanƙwashe ba ya komawa daidai.

Mayar da N·m zuwa N·mm tun farko, in ba haka ba amsar za ta kauce sau 1000.