Kar ku zubar da dakashi, ku ba maraƙi da wuri

Jama'a, in saniyarku ta haihu, ku tabbatar maraƙi ya sha dakashi cikin awa 2 na farko, kar a wuce awa 6.

Ana haihuwarsa ba shi da garkuwar jiki, a wannan nono mai kauri, ruwan ɗorawa, yake samunta. Bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukarta, ko ya sha ya makara.

Bana a ƙauyenmu wajen Ringim, namu ya kasa miƙewa. Na wanke hantsar, na tatsa a ƙwarya mai tsabta, na ba shi a kwalba mai bakin roba. Nauyinsa kusan kilo 20, sai na ba shi lita 2, kaɗan-kaɗan. Da yamma yana bin uwarsa.

In dakashin ya huce, ku tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. A kan wuta daskarewa yake yi.

Amma in maraƙin ba ya iya haɗiya, kar ku ɗura masa, zai shiga huhu. Ku nemo malamin dabbobi.

Abin da ya rage, ku dafa sosai, yana kamewa kamar ƙwai, yara su ci. Ɗanye kam a'a, saboda bakkale, cutar shanu da mutum ke iya ɗauka ta ɗanyen nono.